Na karanta rahoton kuɗi, an tashi ana cewa miliyan takwas

Assalamu alaikum Baba. Ni ne sakataren kuɗi na ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan cikin birni. Makon jiya na karanta rahoton shekara a gaban jama'a bayan la'asar, ban tsallake ko naira ɗaya ba. Ina karatu ina hango dattawa suna gyangyaɗi. Washegari sai na ji ana faɗa a majalisa wai miliyan takwas muka tara, alhali ko biyar ba ta cika ba, har ana tambayar ina sauran. Za a sake zama ƙarshen wata kuma ni zan sake karantawa. Abokina ya ce in riƙa dunƙule lissafin, amma ina tsoron a ce wani abu nake ɓoyewa. Ga takardar rahoton na haɗo. Yaya zan yi?

Ɗanka, daga Gwale

Wa alaikumus salam, ɗana. Na zauna da takardarka na buga lissafin sau biyu, kuma ya hau daidai: kuɗin shiga ₦4,873,650, abin da aka kashe ₦4,286,800, saura ₦586,850. Ta wannan ɓangaren ka kwantar da hankalinka.

Ina ma kyautata zaton na gano inda miliyan takwas ɗin ta fito. Ɗauki adadin farko ka faɗe shi da baki yadda ka faɗe shi ran nan: miliyan huɗu da dubu ɗari takwas da saba'in da uku da ɗari shida da hamsin. Kalma 15 ke nan, biyar daga cikinsu "da" ce. Mutumin da yake sahun baya, lasifika tana shaƙewa, ɗan sahu yana wucewa da ƙara, yaro yana jan rigarsa, abin da kunnensa ya cafka shi ne "miliyan" da "takwas", sauran iska ta tafi da su. Da ya isa majalisa aka ce nawa aka tara, sai ya haɗa biyun da ya tsira da su. Mai yiwuwa ko kaɗan bai nufe ka da sharri ba. Kuma irin wannan dogon adadi har guda 11 na ƙirga a takardarka, ka jero su ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu da ido yana da gata. Yana ganin waƙafi, yana ganin tsawon lambar, ya san miliyan ce tun bai karanta ta ba, in ya manta ya koma baya. Mai sauraro ba ya komawa baya, abin da ya wuce ya wuce. Tun 1956 wani masani Ba'amurke mai suna George Miller ya rubuta cewa abin da mutum yake iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce abubuwa bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu, kuma masu bincike da suka biyo bayansa sun ce abin ya fi kusa da huɗu. Shi ya sa lambar waya mai alƙalami 11 ba wanda yake faɗarta da numfashi ɗaya, gutsura ta ake yi, mai rubutawa yana maimaitawa.

Mu kuma Hausawa muna da ƙarin wahala ta harshenmu. "Dubu" ce take fara zuwa, sannan yawanta ya biyo baya, kuma "da" ɗin da take haɗa dubban ita ce dai take haɗa 'yan canjin. In na ce maka dubu ashirin da biyar, 25,000 nake nufi ko 20,005? Da yawa za su ɗauki na farko, kuma shi ya sa masu kiyayewa suke cewa "dubu ashirin da guda biyar" in na biyun suke nufi. To a cikin dogon adadinka, mai sauraro bai san inda dubban suka ƙare ba sai ya ji "ɗari" ta biyu, a lokacin kuwa farkon adadin ya riga ya kuɓuce masa.

Ka taɓa lura da abin da yake faruwa a wurin ɗaurin aure? Taro ne da ya fi naku hayaniya, wasu ma a bakin titi suke tsaye, amma da an shafa fatiha ka tambayi kowa nawa ne sadaki, zai gaya maka. Dalili shi ne adadi ɗaya ne tak, gajere ne, waliyyi ya faɗa, wakili ya karɓa, liman ya maimaita, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, kuma duk da lafazi ɗaya. Abin da nake so ka yi ke nan ƙarshen wata, kuma ba wata sabuwar dabara ba ce.

Abokinka ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, kuma in ka tsaya a rabin nan za ka faɗa ramin da ya fi na farko zurfi. A ce ka tashi ka ce: mun tara kusan miliyan biyar, mun kashe sama da miliyan huɗu. Kowace jimla gaskiya ce. Amma a taron akwai 'yan kasuwar Kwari da 'yan kasuwar Singa, mutanen da lissafi ya zame musu numfashi, kafin ka rufe baki sun cire huɗu daga biyar, sun sa a ransu saura miliyan ɗaya. Sai kuma ka ce abin da yake asusu dubu ɗari biyar da tamanin da shida. Ka ga da bakinka ka ɓatar da sama da dubu ɗari huɗu. Kuɗin shiga ka tura shi sama da ₦126,350, na kashewa ka ja shi ƙasa da ₦286,800, kurakuran biyu suka taru a kan ragowar, wadda ita ce ƙarama kuma ita kowa ya zuba wa ido.

Maganin wannan shi ne duk adadin da za a haɗa ko a cire daga juna, a yanke su a mataki ɗaya, kuma matakin ya zama wanda ƙaramin cikinsu zai jure. Ƙaraminka ɗaruruwan dubbai ne, saboda haka a dubu ɗari za ka yanke duka ukun. Ka duba lambar da take bin gurbin dubu ɗari: in biyar ce ko sama, ka ƙara ɗaya, in ƙasa da biyar ce, ka bar shi yadda yake. A 4,873,650 bakwai ce take bin takwas, sai ya zama miliyan huɗu da dubu ɗari tara. A 4,286,800 takwas ce take bin biyu, sai ya zama miliyan huɗu da dubu ɗari uku. Ragowar 586,850 ta zama dubu ɗari shida. Yanzu bari ɗan Kwari ya yi lissafinsa: tara a cire uku, saura shida. Ya hau. Kalma 15 ta koma shida, kuma ba wanda zai kama ka da giɓi.

Wannan karon ka yi sa'a lissafin ya rufe da kansa. Ba kullum yake rufewa ba. Wata shekarar za ka dunƙule ukun bisa ƙa'ida ka ga an sami saɓanin dubu ɗari, domin biyu sun hau sama ɗaya ya sauka. In haka ta faru kada ka matsa wa adadi ɗaya don ya dace. Ka sauka mataki ɗaya, ka yanke a dubu goma, ko kuma ka faɗi biyu kawai a dunƙule, na ukun ka faɗe shi cif. Abin da ba na so ka bari shi ne ka hau mumbari ba ka gwada cirewar da kanka a gida ba.

Sai kalmar da za ka sa a gaban adadin, domin ita ce take raba dunƙulewa da ƙarya. "Kusan" tana nufin ainihin adadin bai kai wanda ka faɗa ba. "Sama da" ko "da ɗoriya" suna nufin ya ɗan wuce. "Kimanin" ba ta nuna gefe, tana iya zama nan ko can. Mutane suna cakuɗa su kamar duk ɗaya ne, har a rediyo nakan ji an ce "kusan sama da", abin da ba shi da kai ba shi da gindi. Naka ukun duk sama ka tura su, don haka "kusan" ce tasu. Aikin yashe kwata kuwa da ya ci ₦1,048,500, shi miliyan ɗaya ne da ɗoriya. Kuma tun da na ambace shi, ga wani tarko a jikinsa. In ka fara gyara shi zuwa 1,050,000 a takardarka, gobe ka zo ka sake dunƙule wannan gyararren, biyar ɗin za ta tura ka zuwa miliyan ɗaya da dubu ɗari, alhali asalin adadin ya fi kusa da miliyan ɗaya. Kullum daga asalin adadi ake yanka, ba a yanka daga yankakke.

Akwai kuma son zuciya da yake shigowa ba sallama. Mai rahoto yakan so ya tura kuɗin ayyukan alheri sama, ya ja na takardu da shan ruwan kwamiti ƙasa. In mutum ɗaya mai riƙe da takarda ya lura cewa duk dunƙulewarka gefe ɗaya take karkata, shi ke nan, ba zai sake yarda da "kusan" ɗinka ba. Ka bi ƙa'idar biyar ɗin ko ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba.

Yanzu zaɓi. Cikin adadi 11 ɗin nan, nawa kake so dattijon da yake sahun baya ya kai gida? Ni a ganina uku ne, sai ɗaya na rakiya. Nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage. Na rakiyar shi ne amsar tambayar da take ran kowa: ina kuɗin ya tafi? A nan takardarka ta ɓoye wani abu mai kyau da kai kanka ba ka fito da shi ba. Gyaran burtsatse ₦1,962,000, yashe kwata ₦1,048,500. Haɗa su, ₦3,010,500. In ka raba wannan da jimillar abin da aka kashe, zai ba ka kashi 70 cikin ɗari da 'yan kai. Wato cikin kowace naira goma da ƙungiya ta kashe, bakwai a kan ruwa suka tafi, na sha da na kwata. Wannan jimlar tsohuwa ma za ta riƙe ta, ta faɗa wa maƙwabciyarta ta kan katanga. "Bakwai cikin goma" ya fi "kashi saba'in cikin ɗari" zama a kunne, domin goma tana jikin yatsun mutum. (Na so in ce maka aikin kwata ya ci kwatan kuɗin, don kuwa kusan ɗaya bisa huɗu ne, amma kada ka faɗi haka a taro, dariya za ta cinye maka adadin.)

Sauran ƙananan kuma kowanne yana da surar da ta fi dacewa da shi. Kuɗin 'yan sintiri ₦480,000 ne, kuma na ga a takardar dubu arba'in ake ba su duk wata. To faɗi hakan, dubu arba'in duk wata, domin da wata mutane suke auna albashi. Tallafin marayu ₦735,000, yara 21, kowanne dubu talatin da biyar. Faɗi yawan yaran da abin da kowanne ya samu, jimillar ka bar wa takarda. Kuɗin takardu da buga rasit, ₦61,300, ka ce dubu sittin da ɗoriya ka wuce.

Maimaitawa ita ce rabin aikin na biyu, kuma a nan masu ilimi suka fi yin kuskure. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu, sai mutum ya tashi yana sauya wa adadi riga: nan ya ce miliyan uku, can ya ce kashi saba'in, gaba ya ce fiye da biyu bisa uku. Shi a ransa abu ɗaya ya faɗa sau uku. Mai sauraro kuwa abubuwa uku ya ji, sau ɗai-ɗai, kuma yana ta ƙoƙarin gano yadda suka danganci juna har ka wuce shi. Ka zaɓi lafazi ɗaya ga kowane adadi ka riƙe shi kamar amshi. In ka fara da "kusan dubu ɗari shida", kada a tsakiya ta koma "sama da rabin miliyan", ko da yake shi ma gaskiya ne.

Sau uku ya isa: a farko, a tsakiya inda kake bayanin adadin, da ƙarshe. Kuma kada ukun su zo a jere kamar mai kiran lambar mota a tasha, a bar tazara a tsakani, don jin abu bayan an fara mantawa da shi ya fi kafa shi. Sannan ka riƙa faɗin sunan abu kafin adadinsa. In ka ce "miliyan huɗu da dubu ɗari uku shi ne abin da muka kashe", mutum ya riƙe adadi a iska bai san inda zai ajiye shi ba. In ka ce "abin da muka kashe", ka ɗan yi shiru, sannan ka faɗi adadin, ka ba shi mazubi kafin ka zuba. Bayan adadin ma ka yi shiru kamar na numfashi ɗaya. Shirun nan zai yi maka tsawo a kan mumbari, amma a cikinsa ne mutane suke maimaita adadin a zuci.

Ga yadda zan faɗa da ni ne kai, bayan sallama da gaisuwar iyayen ƙasa:

"Jama'a, cikakken lissafi har zuwa naira ta ƙarshe yana cikin takardar da aka raba, an kuma liƙa ɗaya a jikin allo. Ni da baki a dunƙule zan faɗa, don kowa ya riƙe. Abu uku ne. Abin da ya shigo bana: kusan miliyan huɗu da dubu ɗari tara. Abin da muka kashe: kusan miliyan huɗu da dubu ɗari uku. Abin da ya rage: kusan dubu ɗari shida.

"Wannan miliyan huɗu da dubu ɗari tara da ya shigo, mafi yawansa daga aljihunku ya fito, kuɗin wata, kusan miliyan uku. Sauran gudummawar masu hali ce da hayar kujeru da rumfa.

"Miliyan huɗu da dubu ɗari uku da muka kashe kuma, ina ya tafi? Cikin kowace naira goma, bakwai a kan ruwa: burtsatse kusan miliyan biyu, kwata miliyan ɗaya da ɗoriya. Bakwai cikin goma, a kan ruwa. Marayu ashirin da ɗaya, kowanne dubu talatin da biyar. 'Yan sintiri, dubu arba'in duk wata.

"Abin da ya rage, kusan dubu ɗari shida. Wannan shi ne amanar da take hannunmu yau, don haka zan faɗe shi cif sau ɗaya, mai biro ya rubuta: dubu ɗari biyar da tamanin da shida, da naira ɗari takwas da hamsin. Na sake: ya shigo, kusan miliyan huɗu da dubu ɗari tara. An kashe, kusan miliyan huɗu da dubu ɗari uku. Ya rage, kusan dubu ɗari shida."

Ko da shiru-shirun da na ce ka yi, wannan ba zai wuce minti uku ba. Ka lura da "naira" da na cusa kafin "ɗari takwas da hamsin". Ita ce katangar da take nuna dubbai sun ƙare, canji ya fara, aikin da "guda" take yi a ƙidayar dattawa. Ka lura kuma ban ce "miliyan huɗu da ɗigo tara" ba. 'Yan jarida suna faɗar haka kuma ɗan boko ya gane, amma na sha ganin wanda ya ji ɗigo tara ya ɗauka dubu tara ake nufi, ko ya tafi da tara ɗin kaɗai kamar yadda aka tafi da takwas ɗinka.

A takardar da za ka riƙe a hannu, ka rubuta adadin da kalmomi, da manyan baƙaƙe, kowanne a layinsa. Kada ka dogara da cewa za ka juya lamba zuwa Hausa a tsaye, idon jama'a a kanka. Lokacin da nake karanta labarai a wani gidan rediyo, an taɓa miƙo mini takarda ana saura 'yan daƙiƙu, na ga jerin sifiri na ce biliyan a inda miliyan ce. Bambancin kalmomin biyu harafi ɗaya ne, kuma duka da leɓe ake furta su, amma na ninka kuɗin aikin sau dubu, sai da muka ba da haƙuri a labaran dare. Tun daga ranar ban sake shiga ɗakin karatu da lamba tsirara ba, kuma in biliyan ce nakan ƙara da "wato miliyan dubu". Kai ba ka kai biliyan ba tukuna, amma talatin da tamanin suna yin irin wannan rikicin a lasifika mai shaƙewa, haka sittin da saba'in in an yi sauri. Ka ja su, ka buɗe baki.

Akwai inda ba a dunƙulewa, kuma gara ka san su tun yanzu. Ƙaramin adadi na mutane ba a taɓa shi: marayu 21 ne, in ka ce kimanin ashirin ka share yaro ɗaya, kuma mahaifiyarsa tana iya kasancewa a wurin. Kuɗin da za a ce kowa ya biya, bashin da ake bin wani, lambar asusu, ranar zama, duk waɗannan cif ake faɗarsu, a maimaita, a rubuta. Sai kuma duk inda maganar take a kan tazara tsakanin adadi biyu masu kusanci. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum 9,401,288, ta ba Legas 9,113,605. In ana hira ce kan girman Kano, "miliyan tara da dubu ɗari huɗu" ya wadatar. Amma in ka ce kowacce miliyan tara ce da ɗoriya, ka shafe tazarar kusan dubu ɗari uku, wadda a kanta aka yi ta jayayya shekara da shekaru. Zaɓen gwamnan Kano na 2019 ya fi wannan tsanani: sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana shi ne 1,033,695 da 1,024,713. Duka biyun miliyan ɗaya ne da ɗoriya, ka ga dunƙulewa ta haɗiye labarin gaba ɗaya. A irin wannan, tazarar ce adadin da za a faɗa a maimaita, ƙuri'a 8,982, ko kusan dubu tara. Ranar da ƙungiyarku za ta yi zaɓen shugabanni, ka tuna da wannan.

Game da tsoronka na a ce ɓoyewa kake yi, abin da yake kare ka shi ne cikakken lissafin ya riga bakinka isa hannun mutane. Kwana biyu ko uku kafin zama ka kai wa shugaban ƙungiya da masu binciken kuɗinku takardar, su sa hannu, ka gaya musu yadda za ka karanta don kada wani a cikinsu ya yi mamaki a gaban jama'a. Ka kai wa mai unguwa tasa har gida, wannan girmamawa ce kuma kariya ce. A buga kwafi a raba a bakin ƙofa, a liƙa ɗaya inda kowa zai gani, ka zo da takardar banki da rasitai a jaka. In za a amince da rahoto a rubuta a littafin zama, cikakkun lambobin ne za su shiga, dunƙulallun na kunne ne kawai. Kuma jimlar farko ta jawabin da na rubuta maka, wadda take sanar da cewa a dunƙule za ka faɗa, kada ka tsallake ta ko lokaci ya ƙure.

Maganar miliyan takwas kuwa, kada ka ambace ta a kan mumbari. Na san za ka ji kamar ka ce "masu cewa miliyan takwas ku ji da kyau", amma duk sanda ka furta ta, maimaita ta ka yi, kuma ka riga ka ga abin da maimaitawa take yi wa adadi. Na sahun baya zai sake jin "miliyan takwas" daga bakin sakataren kuɗi da kansa. Faɗi naka adadin sau uku ka bar wancan ya mutu da yunwa. In wani ya miƙe ya kawo ta da bakinsa, ka amsa a taƙaice, ba tare da ɗaga murya ba: "Abin da ya shigo kusan miliyan huɗu da dubu ɗari tara ne, Baba, ga shi a layi na huɗu na takardar da take hannunka, ga kuma takardar banki." Ka miƙa masa.

Kafin ranar, ka gwada a gida. Ka karanta wa mahaifiyarka ko maiɗakinka bayan la'asar, sau ɗaya, da irin muryar da za ka yi a taro, kada ka ce musu jarrabawa ce. Bayan sallar isha ka tambaya: nawa ya shigo, nawa ya rage, ina aka fi kashewa? In an ce maka wajen miliyan biyar, saura wajen dubu ɗari shida, kuma ruwa ne ya ci kuɗin, ka gama shiri. In aka kawo maka adadin da ba ka faɗa ba, ka duba wace jimla ce ta haife shi, yawanci za ka tarar adadi biyu ne suka matsu a numfashi ɗaya, sai ka raba su ko ka jefar da ɗaya. In kuma aka riƙe na marayu da na 'yan sintiri aka manta manyan ukun, to ƙananan sun yi yawa, ka rage su ka mayar wa takarda.

Allah ya ba da sa'a. Ka rubuto mini bayan zaman, ina so in ji adadin da aka kai majalisa wannan karon.